Lissafin da Ke Ɓoye Cikin Bokitin Ruwan Wanka

A safiyar hunturu, mutum kan sauke tukunyar ruwan zafi ya juye cikin bokitin ruwan sanyi, ya sa hannu ya ji ya sirku daidai. Ba a taɓa ganin wanda ya bar bokitin nan a makewayi, ya dawo ya tarar ruwan ya rabu da kansa, wannan gefe yana tururi wancan yana sanyi ƙarara ba. Abin mamakin shi ne, dokar da ta ce makamashi ba ya ɓata kuma ba a ƙirƙirarsa ba ta hana hakan faruwa ba. Da ruwan zai rabu, zafin da gefe ɗaya ya rasa shi ne zai koma ɗaya gefen, lissafi ya tashi daidai. Ke nan akwai wata doka ta biyu da ke tsare hanyar komawa baya, kuma tana da ma'auninta da ake iya lissafawa da biro da takarda. Sunan ma'aunin entirofi, kuma masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Rudolf Clausius, shi ya raɗa masa suna a 1865.

Sai mun raba abubuwa biyu da bakinmu ya saba haɗawa. Akwai yawan zafin da ya tashi daga wani abu ya shiga wani, wanda ake aunawa da jul, ana rubuta shi Q. Akwai kuma matakin zafi, wato abin da ma'aunin zafi ke nunawa, ana rubuta shi T. Cokali guda na tafasasshen ruwa ya fi randa cike da ruwa mai ɗumi matakin zafi, amma randar ta fi shi yawan zafin da za ta iya bayarwa. Clausius ya haɗa biyun a ƙa'ida ɗaya: idan zafi Q ya shiga abu alhali matakin zafinsa yana tsaye a T, entirofinsa ya ƙaru da Q a raba da T.

ΔS = Q / T

Idan zafin fita ya yi, entirofin raguwa yake yi da wannan adadin. Sharaɗi guda ne ba a sassauci a kansa: dole T ya kasance a ma'aunin kelbin, wanda ke farawa daga ƙurewar sanyi. Ana samunsa ta ƙara 273 a kan digirin Selshiyos da muka saba ji a rahoton yanayi.

Mu fara da hali mafi sauƙi. A ɗauki abubuwa biyu masu girman gaske, waɗanda ɗan zafin da zai shiga ko ya fita ba zai motsa matakin zafinsu ba. Ɗaya yana kan kelbin 400, ɗaya yana kan 300, sai aka sada su da sandar ƙarfe har jul 1200 ya ratsa. Mai zafin ya rasa 1200 a raba da 400, wato 3. Mai sanyin ya samu 1200 a raba da 300, wato 4. Jimilla, entirofi ya ƙaru da jul 1 a kowane kelbin. Zafin da ya fita shi ne ya shiga, ko jul ɗaya bai salwanta ba, amma entirofin da ya isa can ya fi wanda ya baro nan, saboda an raba adadi ɗaya da ƙaramar lamba a ɓangaren sanyi. A juya lissafin, a ce zafin daga mai sanyi ya tafi mai zafi, sai jimillar ta koma ƙasa da sifiri. Wannan shi ne abin da doka ta biyu ta haramta, kuma shi ya sa ruwan bokiti ba ya rabuwa.

A nan ɗalibi mai lura yakan ɗaga hannu. Littafi ya ce ƙa'idar Q a kan T tana aiki ne a sauyin da ake iya mayarwa baya, wanda ke tafiya sannu-sannu ba tare da tazarar matakin zafi ba. To ga shi mun yi amfani da ita a kan sauyin da ba ya komawa. Ba mu yi ha'inci ba?

Ba mu yi ba, kuma a ganina duk darasin yana cikin amsar wannan tambaya. Entirofi ya dogara ne da halin da abu yake ciki yanzu, ba da hanyar da ya bi ya iso ba. Wanda ya hau Dutsen Dala ta matakala da wanda ya kewaya ya hau ta cikin duwatsu, gajiyarsu ta bambanta, amma tsayin da suka hau ɗaya ne. Saboda haka ba sai mun bi diddigin hargitsin da ya faru a zahiri ba. Sai mu ɗauki kowane abu shi kaɗai, mu duba inda ya fara da inda ya ƙare, mu ƙaga masa wata hanya mai natsuwa da za ta kai shi can, mu yi lissafi a kanta. Daga ƙarshe mu tara. Kuskuren shi ne a nemi hanya mai natsuwa guda ɗaya da za ta haɗa su biyun su kaɗai, domin babu ita. Rashin komawar yana faruwa ne a tsakaninsu, a inda zafi ya tsallake tazara.

Yanzu mu koma ga ruwan wanka, inda abin ya fi wuya kaɗan, domin ruwan zafin yana hucewa, na sanyin yana ɗumama, babu T ɗaya da ya tsaya. A ce lita 3 ne na ruwa mai digiri 90, aka juye cikin lita 7 mai digiri 20. Lita ɗaya ta ruwa kusan kilo ɗaya ce, kuma ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin kimanin jul 4200. Wannan adadi shi ake rubutawa c, nauyi kuma m. A kelbin, matakan su ne 363 da 293.

Da farko sai a nemo inda za su haɗu. Tunda duka ruwa ne, a ninka 363 sau 3, a ninka 293 sau 7, a tara, a raba da 10. Amsa 314, wato digiri 41, ruwan da jiki zai ji daɗinsa da asuba. Ruwan zafin ya sauka da digiri 49, ya ba da jul 617,400. Na sanyin ya hau da digiri 21, ya karɓi jul 617,400. Idan waɗannan biyun ba su zo daidai ba, kada a ci gaba, an yi kuskure tun a nan.

Tunda T yana sauyawa, sai a yanka tafiyar gunduwa-gunduwa: kowane ɗan mitsitsin zafi a raba shi da matakin da ruwan yake kai a daidai lokacin, sannan a tara su duka. Masana lissafi sun riga sun yi mana wannan tarawa, sakamakon ya fito haka:

ΔS = m × c × ln(T₂ / T₁)

T₁ shi ne matakin farko, T₂ na ƙarshe, ln kuma logaridim ne da ke da maɓallinsa a kalkuleta ta kimiyya, har da ta cikin waya. Ga ruwan zafi, 314 a raba da 363 ya ba da 0.8650, logaridim ɗinsa −0.1450. A ninka da 3 da 4200, sai a samu ragin 1827. Ga ruwan sanyi, 314 a raba da 293 ya ba da 1.0717, logaridim ɗinsa 0.0692, ninkawa da 7 da 4200 ta kawo ƙarin kimanin 2035. A cire 1827 daga 2035, saura 208. Sirka ruwan nan ya haifar da sabon entirofi na jul 208 a kowane kelbin, wanda babu shi kafin a juye tukunyar.

A lura da ƙanƙantar amsar idan aka gwada ta da lambobin da suka haife ta. Bambanci ne tsakanin manyan adadi biyu masu kusanci, don haka gaggawar taƙaita lamba tana ɓata shi. Wanda ya ce bari ya sauƙaƙa wa kansa ya ɗauki 0.15 da 0.07, zai tashi da 168, ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na amsar.

Sauran kurakuran kowanne yana da alamar da ake gane shi. Mai raba jul 617,400 da matakan farko, kamar ruwan bai sauya ba, zai samu ragin 1701 da ƙarin 2107, jimilla 406, kusan ninki biyu na gaskiya. Mai raba duka biyun da matakin ƙarshe zai samu sifiri cif, wanda ke nufin wai ana iya warware sirkin, alhali kowa ya san ba a yi. Mafi muni shi ne mantawa da kelbin. Wanda ya zuba 41 da 90 da 20 cikin logaridim zai ga amsa ta haura dubu goma sha ɗaya. Idan kuwa jimillar ta fito ƙasa da sifiri, to ko an kifar da T₂ da T₁, ko an bar wani abu da ya karɓi zafi a wajen lissafi. Akwai gwaji mai sauƙi na tabbatarwa: a raba zafin da matsakaicin matakin kowane ɓangare, 338.5 ga mai zafi, 303.5 ga mai sanyi. Za a samu 1824 da 2034, dab da abin da logaridim ya bayar. Dabarar tana aiki matuƙar sauyin bai yi yawa ba idan aka gwada shi da matakin kelbin ɗin kansa.

To mene ne amfanin sanin wannan lamba? Tana faɗin aikin da aka yi asararsa. Injiniyan Faransa Sadi Carnot ya nuna a 1824 cewa aikin da inji zai iya ciro wa daga zafi yana da iyaka, kuma matakan zafin biyu ne ke yanke iyakar. A misalinmu na farko, inji mafi nagarta da aka girka tsakanin kelbin 400 da 300 zai iya mayar da kashi ɗaya cikin huɗu na jul 1200 ya zama aiki, wato jul 300. Da muka bar zafin ya sulale ta sandar ƙarfe, ba mu samu komai ba. A ninka entirofin da aka haifar, wato 1, da matakin ɓangaren sanyi, 300, sai ga jul 300 ɗin ya fito. Haka ma a bokiti: idan iskar wajen tana kan kelbin 293, a ninka shi da 208, a samu kimanin jul 61,000, abin da zai riƙe ƙwan lantarki mai wat 10 na wajen awa ɗaya da minti arba'in. Babu wanda zai girka inji a makewayi, amma da irin wannan lissafin injiniyoyi ke gano inda tashar lantarki mai aiki da tururi take zubar da ƙarfinta, kuma babban kaso yakan kasance a tukunyar tururi, inda harshen wuta mai tsananin zafi ke miƙa zafinsa ga ruwan da bai kai kusa da shi ba.

Lissafin namu ya tsaya kan wasu zato. Mun ɗauka bokitin da iska ba su sha komai ba. A zahiri suna sha, kuma idan ana son cikakkiyar amsa sai a ba su nasu layi: iska babba ce, matakinta ba ya motsi, don haka nata Q a kan T ne kai tsaye. Mun kuma ɗauka c bai sauya ba, wanda ga ruwa tsakanin digiri 20 da 90 kusan gaskiya ne. Inda ƙa'idar logaridim take tsayawa cak shi ne idan ƙanƙara ta shigo, kamar a kular mai sayar da zoɓo. Ƙanƙara tana shan zafi tana narkewa ba tare da matakinta ya gusa daga kelbin 273 ba. Kilo ɗaya yana cin kimanin jul 334,000 kafin ya zama ruwa, a raba da 273 a samu 1223. Sai an rubuta wannan a layinsa daban, sannan a ɗauko logaridim don ɗumamar ruwan da ya narke, daga 273 zuwa matakin da shi da zoɓon suka daidaita a kai.