Me ya sa kwamfuta ke mayar da cinikin Maris cikin Fabrairu?

Mu ƙaddara wani kantin magani a Kano da ke buɗe dare da rana. Ƙarfe 12:30 na dare, ran 1 ga Maris 2024, wani ya sayi magani, aka shigar da cinikin a kwamfuta. Da akawu ya zo haɗa lissafin wata, sai ya tarar da wannan ciniki a cikin Fabrairu, an rubuta 29 ga wata, ƙarfe 11:30 na dare. Babu wanda ya taɓa komai, rumbun bayanan kuma bai yi kuskure ba. Abin da ya faru yana da nasaba da yadda rumbun ke ajiye lokaci tun daga tushe.

Agogon duniya da kowa ke auna nasa da shi ana kiransa UTC. Najeriya da Nijar suna gabansa da awa ɗaya, Gana tana daidai da shi, Saudiyya tana gaba da awa uku. Don haka faɗin “ƙarfe 12:30” kaɗai bai isa ba, sai an ce a agogon wa.

PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai da aka fi amfani da su, tana da gurbi iri biyu na ajiye rana da lokaci. Na farko, `timestamp`, kamar rubutu ne a littafin bashi: abin da ka rubuta shi za ka tarar, ko a Kano ka buɗe ko a Makka. Bai san yanki ba, bai kuma damu ba. Ko ka haɗa masa da `+01` a ƙarshe, watsar da shi zai yi ba tare da ya gargaɗe ka ba.

Na biyu, `timestamptz`, shi ne mai ruɗa mutane, kuma a ganina sunansa ne ya jawo hakan. Wanda ya ji an ce “lokaci tare da yanki” zai ɗauka ana adana sunan yankin ne. Ba a adana shi. Idan ka shigar da lokaci, rumbun zai duba agogon da kake aiki da shi, ya juya lokacin zuwa UTC, ya ajiye wannan kaɗai. Ranar da aka zo karantawa, sai ya sake juya shi zuwa agogon mai tambaya. Ga cinikin namu, a gurbi irin na biyu:

```
SET TIME ZONE 'Africa/Lagos';
INSERT INTO ciniki VALUES ('2024-03-01 00:30');
SET TIME ZONE 'UTC';
SELECT * FROM ciniki;
-- 2024-02-29 23:30:00+00
```

Mai kanti ya shigar da agogon Najeriya, manhajar akawu kuwa tana tambaya da agogon UTC, wanda a kansa ake yawan saita manyan kwamfutocin da ke riƙe da rumbu. Lokacin ɗaya ne, faɗarsa ce ta bambanta. Da rana tsaka ba wanda zai lura da awa ɗaya, amma a bakin tsakar dare tana iya sauya rana, wata, har shekara.

Gane wannan ba shi da wuya. Tazarar takan zama iri ɗaya a kowane layi, awa ɗaya cif a wajenmu. Wutsiyar `+00` tana nuna agogon da aka yi amfani da shi, umarnin `SHOW TIME ZONE;` kuma zai tabbatar. Gyaran shi ne a saita agogon mai karantawa. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne a bi bayanan ana ƙara musu awa ɗaya da hannu, domin a nan ne za a lalata abin da yake daidai.

Ɓarnar gaske a gurbi na farko take faruwa. Idan manhajar waya tana zuba lokacin UTC a cikin `timestamp`, kwamfutar kanti kuma tana zuba agogon gida a wuri guda, layukan sun cakuɗe ke nan, kuma babu wata alama a jikinsu da za ta raba su. Sai dai a koma ga rasit, in akwai.

Ba kuma kowace rana ce ke buƙatar yanki ba. Wanda aka haifa ran 1 ga Janairu, ran nan aka haife shi ko ina ya je. Idan aka ajiye ranar a `timestamptz`, rumbun zai ɗauke ta a matsayin ƙarfe 12 na dare agogon Kano, mai karantawa da UTC kuma ya ga 31 ga Disamba na shekarar da ta gabata. Irin wannan gurbinsa `date` ne, wanda ba shi da awa balle yanki.