Yadda ake gano mai sayar da kaya ta hanyar bincike da hoto

A Kasuwar Wunti da ke birnin Bauchi, ba baƙon abu ba ne mai saye ya miƙa wa ɗan kasuwa waya, ya nuna masa hoton atamfa da ya gani a jikin wata a wurin biki, ya tambaya ko akwai irinta. Idan babu, shi ke nan sai ya shiga bin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Bincike da hoto yana rage wannan wahala, domin hoton da kansa ake bai wa manhaja a maimakon rubuta suna, ita kuma ta nemo shafukan da suka wallafa shi ko makamancinsa.

Manhajar da ta fi sauƙin samu ita ce Google Lens, wadda kamfanin Google ya fitar a 2017. Ana buɗe manhajar Google, a taɓa alamar kyamara da ke gefen gurbin bincike, sannan a zaɓi hoton daga ma'ajiyar waya.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne yanke hoton. A ɗauka wata mata ce a unguwar Wunti take neman atamfar da ta gani a hoton mutum biyar. Idan ta bar hoton yadda yake, manhajar na iya kawo mata mayafi ko jaka ko kujerun ɗakin taro. Don haka sai ta ja kusurwoyin akwatin da ya bayyana har ya tsaya a kan zanen atamfar kaɗai, a inda babu ninki ko inuwa, kuma furen ya fito cikakke.

Sakamakon yakan zo iri biyu. "Visual matches" na nufin kayan da suka yi kama da abin da ake nema, alhali "Exact matches" na nufin shafukan da ke ɗauke da ainihin wannan hoto. Hoton biki da aka ɗauka da waya da wuya ya fito a kashi na biyu, saboda haka na farko ne zai yi mata amfani. Abin da za ta nema a nan shi ne sunan kamfanin da ya buga atamfar, da sunan zanen ko lambarsa idan an rubuta. Da ta samu, sai ta ƙara kalma kamar Bauchi ko Kano a gurbin rubutu, domin a fifita masu sayarwa na kusa a kan na ƙasashen waje.

Sai dai manhajar tana nuna inda hoto yake ne, ba inda kaya suke ba. Mai damfara na iya kwafar hoton wani shago ya saka a shafinsa ba tare da yana da ko ƙyalle ba. Ana gane haka ta sake yin binciken, wannan karon da hoton tallar mai sayarwar. Idan hoto guda ya bayyana a shafuka da dama masu sunaye da lambobin waya daban-daban, aƙalla wasunsu aro suka yi. Shafin tineye.com, wanda ya fara aiki a 2008, yana jera sakamako daga mafi daɗewa idan aka zaɓi "Oldest", ko da yake ranar da yake nunawa ita ce ranar da ya fara cin karo da hoton.

Haka kuma, hoto ba ya bambanta atamfa ta asali da kwaikwayonta, domin zane ɗaya kan fito daga masana'antu daban-daban a farashi mabambanta. Kafin a tura kuɗi, ya kamata a nemi mai sayarwa ya nuna turmin ta kiran bidiyo, ya buɗe shi, ya haska rubutun da ke bakin atamfar da tambarinta, ya kuma tabbatar yadi shida ne. Wanda ya ƙi yin haka, ko ya ba da asusun banki mai sunan da bai dace da nasa ko na shagonsa ba, abin a yi hattara da shi ne.

Akwai kuma iyakar da binciken ba ya ƙetarewa. Ba ya ganin abin da ake tallatawa a zaurukan WhatsApp ko a shafukan da aka kulle, kuma 'yan kasuwa da yawa ba su da shafi ko kaɗan. Rashin ganin mai sayarwa a Bauchi a cikin sakamako ba ya nufin babu kayan a garin.

Saboda haka, sau da yawa babbar ribar binciken ita ce samun sunan kaya. Da sunan kamfani da hoto mai kyau a hannu, mai saye zai koma Wunti da takamaiman tambaya, ya taɓa atamfar da hannunsa kafin ya biya. Idan kuma babu ita a shago, ɗan kasuwa ya san abin da zai nemo masa daga Kantin Kwari da ke Kano.