Tallar Minti Ɗaya: Faɗi Farashi, Kada Ka Takura

Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari zai iya kwatanta farashi a bidiyon TikTok ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa turmi biyu iri ɗaya, kowanne yadi 6, ya ce: “Wancan mako naira 15,000 ne, yanzu 13,500.” Sai ya faɗi dalili: ana kwashe ragowar kayan Sallah ne. Wa'adin ma ya fito fili: “Zuwa Juma'a bayan Azahar.” Sau ɗaya ya isa, maimaita “ku yi sauri” na sa mai kallo zargi. Ranar Asabar kuwa dole farashi ya koma yadda yake. In bai koma ba, gobe babu mai yarda da ragin.