Farin zobe a bakin tambari: daga ina yake, yaya ake cire shi?

A ce mai shagon ɗinki ya turo tambarinsa ta WhatsApp, jan rubutu a kan farin fili, yana so a ɗora masa a kan baƙar fosta. An buɗe Photoshop, an taɓa farin da Magic Wand, an goge. Da ɗora shi kan baƙi sai ga siririn farin zobe ya kewaye kowane harafi, bakin kuma ya yi gantsare-gantsare kamar haƙoran zarto.

Hoto ƙananan ɗigogi ne masu kusurwa huɗu, wato fiksil. Domin lanƙwasa ta fito sumul, ɗigogin da ke kan iyaka sukan zama gauraye, wani rabinsa ja rabinsa fari. Magic Wand na kwashe fari da abin da ya yi kusa da shi, ya bar waɗannan gaurayayyun. A kan fari ba a ganinsu, duhu ne ke tona musu asiri. Shi ya sa gwani ke fara shimfiɗa baƙin fili a ƙarƙashin tambarin, ya zuƙo hoton ninki uku, kafin ya taɓa komai.

Gyaran ba wuya. A danne Ctrl a latsa ƙaramin hoton shimfiɗar tambarin don a zaɓe shi. A shiga Select > Modify > Contract a sa 1, iyakar ta matsa ciki da fiksil ɗaya, gurɓatattun ɗigogin su koma waje. Daga nan sai Feather, a sa 0.5, sannan a latsa Add layer mask. A nan ne da yawa ke zamewa. Feather tausasa baki kawai yake yi, ba ya cire launi. Wanda ya zuba masa 5 ba tare da ya matsa iyakar ba, zoben zai koma masa hazo, harafin kuma ya dushe. Idan gantsarewar ce ta fi yawa, a buɗe Select and Mask, a ɗan ɗaga Smooth, sannan a ƙara Contrast don bakin ya dawo da kaifinsa.

Sai dai a kula da siraran layuka. Layi mai kaurin fiksil 3, in an ci ɗaya ta kowane gefe, saura 1. A irin wannan gara Layer > Matting > Defringe, wanda ke sauya launin ɗigogin baki da na maƙwabtansu na ciki maimakon ya yanke su.

In an gama a adana shi a PNG, domin JPEG ba ya riƙe fili marar launi, farin zai dawo. Amma tambarin da faɗinsa bai wuce fiksil 200 ba, kuma babban allon talla ake so, kada ka wahalar da kanka: ka nemi fayil ɗin asali wurin wanda ya zana shi, ko ka sake zana shi da Pen Tool.