Rabon Riba ko Sake Sayen Hannun Jari: Wanne Ya Fi Ƙara wa Mai Jari Arziki?

A ƙarshen watan Disamba na 2020, kamfanin simintin Ɗangote ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas ya sayi hannun jarinsa da kansa, kimanin miliyan 40. Abin ya ɗaure wa mutane da dama kai, domin abin da aka saba gani shi ne kamfani ya raba wa masu hannun jari riba a ƙarshen shekara, kowa kuɗi su shiga asusunsa. A Amurka kuwa wannan ya daɗe da zama ruwan dare: a watan Mayu na 2024 kamfanin Apple ya sanar da shirin sayen nasa hannun jarin na dala biliyan 110. To, idan kamfani yana da rarar kuɗi, wace hanya ce ta fi amfanar mai hannun jari?

Amsar ta samo asali ne daga aikin Merton Miller da Franco Modigliani, masana tattalin arziki da suka wallafa bincikensu kan rabon riba a 1961, kuma daga baya kowannensu ya sami kyautar Nobel. Sun ƙaddara wata kasuwa marar aibi: babu haraji, babu la'adar dillali, kowa ya san abin da shugabannin kamfani suka sani, kuma yadda aka fitar da kuɗin bai shafi ayyukan da kamfanin zai zuba jari a kansu ba. A irin wannan kasuwa, hanyoyin biyu duk ɗaya ne ga aljihun mai jari. Maganar tana da wuyar haɗiya, don haka bari mu bi ta da lissafi.

A ce akwai kamfani mai hannun jari miliyan 1, kowanne naira 100. Darajarsa duka naira miliyan 100 ke nan. A ciki, miliyan 90 darajar injuna ce da cinikin da suke kawowa, miliyan 10 kuwa tsabar kuɗi ce da ke ajiye ba ta da aikin yi. Kai kuma kana da hannun jari 1,000, wato dukiyar naira 100,000.

Idan aka raba miliyan 10 ɗin, kowane hannun jari zai sami naira 10, kai ka karɓi 10,000. Sai dai kuɗin sun bar kamfanin, abin da ya rage miliyan 90 ne, kuma har yanzu hannun jari miliyan 1 ne ke kansa. Saboda haka daga ranar da mai saye ya daina cancantar wannan rabon, farashi zai sauka zuwa naira 90. Babu wanda zai biya 100 a kan abin da aka riga aka cire wa 10. Hannun jarinka ya koma 90,000, ga 10,000 a hannu, jimla 100,000. Rabon ribar ba kyauta ba ce. Kuɗinka ne da ke ajiye a wurin kamfani aka miƙo maka.

Idan kuma kamfanin ya zaɓi saye, miliyan 10 za ta sayi hannun jari 100,000 a kan naira 100. Saura 900,000 a hannun mutane, darajar kamfani miliyan 90. Raba wannan da wancan, ka sami naira 100 cif. Farashi bai motsa ba. Idan ba ka sayar ba, ba ka karɓi ko kwabo ba, amma dukiyarka tana nan 100,000, kuma kasonka a kamfanin ya ɗan ƙaru tunda masu rabon sun ragu.

Wani zai ce shi tsabar kuɗi yake buƙata, ga kuɗin makaranta ga cefane. Wannan ba matsala ba ce a kasuwar da muka ƙaddara. Ya sayar da 100 daga cikin 1,000 ɗinsa, ya karɓi 10,000, ya rage da 900 masu darajar 90,000. Kasonsa 900 ne cikin 900,000, daidai da 1,000 cikin miliyan 1. Ya yi wa kansa rabon riba ke nan. Haka wanda aka ba riba alhali ba ya so, sai ya mayar da 10,000 ɗin ya sayi kimanin hannun jari 111 a kan naira 90, ya tsaya inda mai ƙin sayarwa ya tsaya. Abin da mutum zai iya yi wa kansa ba tare da asara ba, ba zai biya ƙari don kamfani ya yi masa ba. Nan ne ƙashin bayan hujjar yake.

Inda aka fi ruɗar mutane shi ne ribar kowane hannun jari, kuma abin yana damuna domin da ita ake yawan tallata saye. A ce kamfaninmu yana cin ribar miliyan 9 a shekara. Bayan rabon riba, kowane hannun jari yana da naira 9. Bayan saye, yana da naira 10, sai a fito ana cewa riba ta ƙaru. Alhali kamfanin bai sayar da ƙarin kaya ko ɗaya ba. Mai naira 9 farashinsa 90 ne, mai naira 10 farashinsa 100. A duka biyun naira 10 kake biya kan kowace naira ɗaya ta riba. Bugu da ƙari, mai naira 9 yana da 10 ɗinsa a aljihu.

Lissafin nan duka ya rataya ne a kan sharaɗi guda: kamfani ya saya a kan farashin gaskiya. A ce ya biya naira 125 kan abin da darajarsa 100 ce. Miliyan 10 za ta sayi 80,000 kawai, saura 920,000 su raba miliyan 90, kowanne ya koma kimanin naira 97 da kwabo 83. Naira miliyan 2 ta tashi daga hannun waɗanda suka zauna ta koma hannun waɗanda suka fita. Idan kuma kamfani ya saya da araha, waɗanda suka zauna ne suka ci. Rabon riba ba shi da wannan haɗarin, domin kowa yana karɓa gwargwadon kasonsa.

Kasuwar gaske ba ta rasa aibi. A Najeriya ana cire harajin kashi 10 cikin 100 daga rabon riba kafin ya iso ga mai shi, Amurka kuma ta sa harajin kashi 1 cikin 100 a kan sake sayen hannun jari tun daga 2023. Dillali yana cin la'adarsa, shugabanni kuma sun fi ka sanin cikin kamfani, shi ya sa farashi kan tashi idan suka sanar da saye: mutane na ɗauka sun ga kaya ya yi araha. Duk bambancin da za a gani tsakanin hanyoyin biyu daga irin waɗannan yake fitowa.

Don haka, mai karatu, idan kamfanin da kake da jari a ciki ya sanar zai sayi hannun jarinsa, ka nemi sanin farashin da zai biya, da inda kuɗin za su fito, rara ce ko bashi, kuma ka duba ko ladan shugabanninsa a ɗaure yake da ribar kowane hannun jari.