Biyan Bashin Banki Kafin Wa'adi: Me Ya Sa Kuɗin da Za Ka Biya Ya Bambanta da Na Kan Takarda?

Mutum ya sayar da fili, ko an biya shi bashin albashin da yake bin gwamnati, sai ya ce bari ya sauke nauyin rancen banki ya huta. Ya duba takardar bayanin asusunsa ya ga abin da ya rage, ya shirya kuɗin daidai wa daida. Da ya isa banki sai ma'aikaci ya danna na'ura ya faɗa masa wani adadi dabam. Wani lokaci ya haura na takardar, wani lokaci kuma ya gaza shi da dubban ɗaruruwa. A nan ne gardama ke tashi, ana ta "ai ga shi a rubuce". Sau da yawa kuwa babu wanda ya yi ƙarya, domin adadin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Abin da ke kan takardar bayani lissafi ne na ranar da aka buga ta, kuma an yi shi ne bisa zaton za ka ci gaba da biya wata-wata har wa'adi ya cika. Adadin rufe bashi kuwa farashi ne na rana guda, wato abin da za ka ajiye yau ko jibi a soke yarjejeniyar baki ɗaya. Kafin ka san ko zai hau ko zai sauka, sai ka gano abu ɗaya: wannan adadin na takarda, uwar kuɗi ce kaɗai, ko an haɗa mata da kuɗin ruwan watannin da ba a shiga ba tukuna?

Mu fara da mai sauƙin. Manyan bankuna galibi suna lissafa ruwa ne a kan abin da ya rage na uwar kuɗi, kullum-kullum. A ce takardarka ta ƙarshen wata ta nuna naira 2,000,000, ruwan kuma kashi 30 cikin ɗari ne a shekara. Idan aka raba ruwan shekara, wato naira 600,000, a kan kwana 365, kowace rana tana cin kimanin naira 1,644. Ka je banki bayan kwana 20, ka ga kusan naira 32,900 sun taru waɗanda takardar ba ta san da su ba. Idan kuma takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta ce akwai tarar biya kafin lokaci, a ce kashi 1 cikin ɗari, ga wata naira 20,000. Sai a ce ka kawo kusan naira 2,052,900. Mai bashi kan ji haushin tarar nan, yana ganin ya yi abin kirki an ci shi tara. Hujjar banki ita ce ya tsara samun ruwa na tsawon wa'adin, ka zo ka yanke masa. Ko hujjar ta gamsar ko ba ta gamsar ba, abin dubawa shi ne ko tarar tana cikin yarjejeniya. Idan ba ta ciki, ba ka da dalilin biyan ta.

Inda lamarin ya fi sarƙaƙiya shi ne rancen albashi da ƙananan bankuna da kamfanonin ba da rance ke bayarwa, inda ake yanke ruwan gaba ɗaya tun ranar farko a kan dukkan kuɗin da aka ranta, a haɗa shi da uwar kuɗi, a raba a kan watanni.

A ɗauka wani malamin makaranta ya karɓi naira 1,200,000 na wata 12, ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata. Ruwan kowane wata naira 36,000 ke nan, na shekara 432,000. Jimilla ana bin sa naira 1,632,000, ana cire 136,000 daga albashinsa duk wata. Ya biya wata shida, sai kuɗi suka shigo masa. Takardarsa za ta nuna saura naira 816,000, wato biya shida da suka rage. Amma a cikin wannan 816,000 akwai ruwan watannin da bai riƙe kuɗin kowa a cikinsu ba. Kamar wanda ya biya hayar shago ta shekara ne ya tashi a wata na shida: maganar ita ce nawa za a mayar masa. Rangwamen wannan ruwan shi ne ke sa adadin rufewa ya sauka ƙasa da na takarda, kuma yadda ake auna shi ne ke raba mai ba da rance na kirki da wanda ba shi ba.

Malam, da alƙalaminsa, zai yi lissafin da kowa zai yi. Rabin lokaci ya wuce, saboda haka rabin ruwa ya rage, naira 216,000. A cire su daga 816,000, saura 600,000. Akwai masu ba da rancen da ke yin haka, kuma wanda ya dace da su ya yi sa'a.

Wasu kuma suna amfani da wani tsohon salo da ake kira ƙa'idar 78. Sunan ya fito ne daga tara lambobin watanni, 1 da 2 da 3 har zuwa 12, waɗanda ke ba da 78. Sai a raba ruwan gida 78, a ɗora wa watan farko kaso 12, na biyu 11, na uku 10, a yi ta sauka har watan ƙarshe ya ɗauki kaso 1. A rancen malam kowane kaso ya kai kimanin naira 5,538. Watanni shidan farko sun kwashe kaso 57, wato kusan naira 315,700, an bar kaso 21 kacal ga watannin da suka rage, kimanin naira 116,300. Wannan ne rangwamensa. Sai a ce ya kawo kusan naira 699,700. Tsakanin lissafinsa da nasu akwai tazarar da ta kusa naira dubu ɗari.

Da jin haka mutum zai ce zalunci ne tsagwaronsa, amma a yi wa kowa adalci. A watannin farko ne malam yake riƙe da mafi yawan kuɗin, don haka daidai ne ruwan farkon ya fi nauyi. Hasali ma wannan kashi 3 da aka faɗa masa sunan kawai ne. Tun da ana ci gaba da lissafa shi a kan naira 1,200,000 ko bayan ya mayar da rabi, ainihin ruwan da yake biya a kan abin da ke hannunsa ya ɗan haura kashi 5 cikin ɗari a wata. Idan aka yi lissafi na ƙwarai da wannan ma'auni, abin da ya rage bayan wata shida zai kama kusan naira 688,500. Ka ga ƙa'idar 78 ta ɗora masa kimanin dubu goma sha ɗaya ne a kan gaskiyar lissafi. Sai dai tana karkata ne ga mai ba da rance a koyaushe, kuma karkatar tana girma idan wa'adi ya yi tsawo ko ruwa ya yi yawa. Shi ya sa Amurka ta hana amfani da ita tun 1992 a rancen jama'a da ya wuce wata 61, Birtaniya kuma ta yi watsi da ita a dokarta ta 2004.

Mafi muni shi ne na uku, wanda yarjejeniyarsa ta ce babu rangwame sam. Ko yau ka biya ko a wata na goma sha biyu, naira 816,000 ce. A irin wannan, gaggawar biya ba ta rage maka ko sisi; abin da ka samu kawai shi ne albashinka ya kuɓuta daga yanka. A ganina wanda ke cikin wannan hali gara ya juya kuɗinsa a wata harka yana biya wata-wata, sai fa idan yana neman a wanke sunansa ne don ya karɓi wani rancen mai sauƙi.

Masu hulɗa da bankunan da ba ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su ma maganar ta shafe su ta wata fuskar. A cinikin murabaha banki ne ke sayen kaya, mota ce ko injin niƙa, ya sayar maka da riba bisa farashin da aka yanke tun farko. Bashinka shi ne wannan farashin baki ɗaya, kuma shi takarda za ta nuna. Idan ka biya da wuri, banki na iya yafe wani ɓangare na ribar, abin da ake kira ibra'i. Malaman wannan fanni da yawa suna ganin kada a sharɗanta yafewar a cikin yarjejeniya, a bar ta ga ganin damar mai sayarwa, ko da yake babban bankin Malesiya ya wajabta wa bankunan ƙasarsa yin ta. Don haka tambaya ce da ya kamata a yi kafin a sa hannu: idan na biya kafin lokaci, me kuka saba yi?

Kuɗaɗen da aka cire a ranar farko, kamar na hidimar buɗe rance, galibi sun tafi ke nan. Na inshora ne ya cancanci a tambaya, tun da an biya na shekara ne, rancen kuma ya ƙare a rabi.

Ɓarnar da ta fi yawa ba daga lissafi take zuwa ba, daga yadda ake biyan ne. Mutum ya tura adadin da ya gani a takarda ya shafa fatiha, alhali saura naira dubu talatin na ruwan kwanakin da suka gifta. Ɗan guntun nan bai rufe rancen ba, sai ya zauna yana haihuwa, ana ɗora masa tarar jinkiri, har a kai sunan mutum ga kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Ba zai sani ba sai ranar da ya nemi wani rancen aka hana shi. Tun watan Agustan 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN ta wanda ya kasa biya su ciro kuɗin daga asusunsa na wani bankin. Wani kuma ya zuba kuɗin ne a asusunsa na yau da kullum bai ba da umarni a rubuce ba, sai na'ura ta ci gaba da ɗiban kason wata-wata kamar yadda ta saba, ruwa yana ta tafiya.

Hanyar kauce wa wannan ba ta da wuya. Ka rubuta wa banki kana neman adadin rufe rance, su ba ka a rubuce, a warware: uwar kuɗi nawa, ruwan da ya taru nawa, rangwame nawa kuma da wane salo aka auna shi, tara nawa. Ka duba ranar da adadin zai daina aiki, domin idan ta wuce sai an sake lissafi. Ka lura ko an riga an sa yankan albashin wannan watan a ciki, don ofishin biyan albashi ba ya tsayawa nan take, kuma ana yawan yankar mutum wata guda bayan ya gama biya, sai ya bi sawu a mayar masa. Bayan ka biya, kada ka bar maganar sai ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, tare da sabon bayanin asusu mai nuna sifili. Idan aka ƙi warware maka lissafin, ko aka ɗora tarar da ba ta cikin yarjejeniya, ka shigar da koke a rubuce a bankin, ka riƙe kwafinsa. In ba su share maka hawaye ba, da wannan kwafin za ka tafi sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.