Shafin da Ba Ya Ƙarewa: Yadda Ake Kwashe Bayanansa da Burauza Marar Fuska

Duk mai riƙe da waya ya san irin shafukan nan da ba su da gindi. Kana ja da yatsa, da ka kusa kaiwa ƙarshe sai wasu sababbin abubuwa su ɓullo daga ƙasa. Haka Facebook da X da Instagram suke, haka ma kantunan intanet da yawa. Ana danganta ƙirƙirar wannan salo ga wani injiniya Ba'amurke, Aza Raskin, a shekarar 2006, kuma daga baya shi da kansa ya nuna nadama kan yadda abin ke cinye lokacin mutane. Akwai kuma wasu da salon ya wahalar ta wata fuskar daban: ɗalibai masu bincike, 'yan jarida da 'yan kasuwa da ke son tattara abin da ke cikin shafi, kamar farashin kaya ko tallan guraben aiki, su zuba shi a teburi guda don su yi nazari.

Kwafar abu dubu da hannu aiki ne na kwanaki, don haka ake rubuta ƙaramar manhaja ta yi. A shafuka na tsohon yayi wannan ba wuya. Manhajar za ta nemi shafi na ɗaya, saba ta aiko da shi cike da rubutu, ta tsince abin da take so, ta wuce na biyu. A shafin da ke ƙaruwa kuwa, abin da saba ke fara aikowa kwarangwal ne kawai, tare da umarnin JavaScript. Burauzarka ce ke aiwatar da umarnin: ita ke lura cewa ka gangaro ƙasa, ta aika a ƙaro kaya, ta jera su a allo. Manhajar da ba ta iya aiwatar da JavaScript ba, kwarangwal ɗin za ta samu ta dawo hannu rabbana.

Maganin shi ne a sa burauza ta gaske ta yi aikin, amma wadda ba ta buɗe taga a allo, umarnin manhaja kawai take bi. Ita ce burauza marar fuska. Tana buɗe shafi, tana aiwatar da JavaScript, tana gangarawa, tana danna maɓalli, duk a ɓoye. A da PhantomJS aka fi amfani da ita, har zuwa 2017 da Google ta sa wannan damar a cikin Chrome kanta, ta kuma fitar da Puppeteer don sarrafa ta. A 2018 aka dakatar da aikin PhantomJS. Selenium ya girme su duka, tun 2004 yake, sannan Microsoft ta fito da Playwright a 2020. Da Playwright zan ba da misali, domin ya ƙware wajen jira, kuma jira shi ne zuciyar wannan aiki.

Akwai shafin da aka gina musamman don masu koyo su gwada hannu a kansa ba tare da sun takura wa kowa ba: `quotes.toscrape.com/scroll`. Yana ɗauke da zantukan shahararrun mutane guda 100, kuma goma-goma yake sako su. Idan ka neme shi da manhaja ta gama-gari, ko zance ɗaya ba za ka gani ba, don har goman farko ma JavaScript ne ke ɗauko su. Bayan ka girka kayan aiki da `pip install playwright` da `playwright install chromium`, ga dukkan abin da ake bukata a harshen Python:

```python
from playwright.sync_api import sync_playwright, TimeoutError

with sync_playwright() as p:
    page = p.chromium.launch(headless=True).new_page()
    page.goto("https://quotes.toscrape.com/scroll")
    page.wait_for_selector(".quote")
    while True:
        adadi = page.locator(".quote").count()
        page.evaluate("window.scrollTo(0, document.body.scrollHeight)")
        try:
            page.locator(".quote").nth(adadi).wait_for(timeout=10000)
        except TimeoutError:
            break
    print(adadi)
```

Ko wanda bai taɓa rubuta manhaja ba zai iya bin sawun abin da ke faruwa. Burauza ta buɗe shafin, ta jira zance na farko ya bayyana. Sai ta ƙirga waɗanda ke nan, ta sami goma. Ta gangara har gindin shafin, ta tsaya tana jiran na goma sha ɗaya. Da ya iso sai ta sake ƙirga, ashirin, ta sake gangarawa tana jiran na ashirin da ɗaya. Haka za ta yi ta yi har ta kai ɗari. A nan za ta jira na ɗari da ɗaya tsawon daƙiƙa goma, wato `10000` ɗin nan da ke cikin umarnin, ba zai zo ba, sai ta daina ta rubuta 100.

Gangarawar layi ɗaya ce tak. Duk sauran wahalar tana kan tambaya guda: ta yaya manhaja za ta san cewa kaya sun ƙare? A nan yawancin masu koyo ke faɗawa rami. Abin da suka saba yi shi ne su ce wa burauza ta gangara, ta yi barcin daƙiƙa biyu, ta auna tsawon shafin, in bai ƙaru ba to an gama. A inda intanet ke gudu kamar ruwa wannan kan yi aiki. Amma mai aiki da datar waya a Kano ko Maraɗi da yamma, lokacin da layi ya cunkushe, amsar saba na iya ɗaukar daƙiƙa biyar. Manhajar za ta auna, ta ga shafi bai ƙaru ba, ta tsaya a kan arba'in, ta miƙo sakamako cikin natsuwa kamar ta kammala. Ba za ta nuna alamar kuskure ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa matsalar ke da haɗari. Ɗalibin da ya ɗora bincikensa a kan wannan teburi ya gina shi a kan ƙasa da rabin bayanai bai sani ba.

Shi ya sa a misalin da ke sama ba a ce wa burauza ta yi barci ba, an ce ta jira wani takamaiman abu. In ya zo cikin rabin daƙiƙa ta wuce nan take, in layi ya yi nauyi ta yi haƙuri. Duk da haka, shirun daƙiƙa goma ba hujja ba ce cewa kaya sun ƙare. Mai yiwuwa layi ne ya yanke. Don haka ni ban yarda da sakamakon da ba a gwada shi da wani ma'auni na waje ba. Shafuka da yawa kan rubuta jimillar kayansu a sama, ka kwatanta da abin da ka samu. In babu, ka maimaita aikin sau biyu ko uku. Idan yau ka sami 380, anjima 520, to ba shafin ne ke sauyawa ba, manhajarka ce ke yanke jira.

Rami na biyu ya fi wannan zurfi. Manyan shafuka irin su X ba sa barin duk abin da ka wuce ya taru a cikin burauza, don kada waya ta yi nauyi ta tsaya. Yayin da sababbi ke shigowa daga ƙasa, tsofaffi na fita ta sama, kamar mai kallon gari ta tagar mota: abin da ke gabansa kawai yake gani, wanda ya wuce ya wuce. A irin wannan shafi, wanda ya ce bari ya gangara har ƙarshe sannan ya kwashe gaba ɗaya, 'yan na ƙarshen kaɗai zai tarar. Gane shi ba wuya: kana ganin shafi na tafiya, amma ƙirga ta tsaya a wuri guda, ba ta haura ashirin ko talatin. Abin yi shi ne a riƙa kwashewa a kowane zagaye, a kuma gangara kaɗan-kaɗan, tsawon allo ɗaya a lokaci guda, kada a yi tsalle zuwa gindi a tsallake na tsakiya. Tunda abu ɗaya zai iya bayyana a zagaye biyu, sai a riƙe wata shaida da ta keɓanta da kowane, galibi adireshinsa ko lambarsa, a jefar da maimaici. Ma'aunin tsayawa ma sai ya sauya: ba yawan abin da ke allo ba, a'a, ko an sami sabuwar shaida a zagaye uku na baya.

Wani lokacin kuma ka ba da umarnin gangarawa, ko motsi shafin ba ya yi. Sau da yawa dalili shi ne jerin yana cikin wani akwati mai nasa gangaren, kamar jerin wurare da ke gefen Google Maps. Akwatin za ka gangarar, ko ka ce wa burauza ta kawo abu na ƙarshe a jerin zuwa gaban allo da `scroll_into_view_if_needed()`. In abin ya ɗaure maka kai, mai da `headless=True` zuwa `headless=False`, taga za ta buɗe ka ga abin da burauzar ke gani da idonka. Sau tari za ka tarar wata sanarwa ce ta rufe shafin tana jiran a danna mata.

Sai dai kafin mutum ya ɗauko wannan babban makami, yana da kyau ya leƙa bayan fage. Buɗe shafin gwajin nan a Chrome, danna F12, shiga `Network`, zaɓi `Fetch/XHR`, sannan ka gangara. Za ka ga duk lokacin da sababbin zantuka suka ɓullo, burauza ta aika buƙata zuwa `/api/quotes?page=2`, sai `page=3`, haka dai. Amsar na zuwa a tsare cikin tsarin JSON, kuma a cikinta akwai `has_next`, wanda ke faɗa ƙarara ko akwai saura. Tambayar da muka sha wahalarta ke nan, ga saba ta amsa da bakinta. Buƙata goma sun wadatar a kwashe zantukan ɗari, ba burauza, ba jira, ba cin data wajen sauke hotuna. A ganina duk inda wannan ƙofa take a buɗe, ita ya kamata a bi. Burauza marar fuska tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai, kuma shafin na ƙara tsawo tana ƙara nauyi. Amfaninta na gaske shi ne inda aka kulle buƙatun da wasu lambobin sirri da shafin ke ƙirƙira da kansa. Ko a nan ma, Playwright na iya sauraren amsoshin da ke shigowa ta `page.on("response", ...)`, ka bar burauza ta yi gangara, kai kuma ka karɓi bayanan a tsare.

Iya yin abu daban, halaccinsa daban. Kowace gangarawa buƙata ce a kan sabar wani, wanda kuɗi yake biya. Duba fayil ɗin `robots.txt` da sharuɗɗan shafin kafin ka fara; manyan dandalan sada zumunta sun hana kwashe bayanansu ba da izini ba, kuma suna rufe asusun masu yi. In saba ta amsa da lamba 429, cewa take yi ka yi yawa, ka sassauta. In ta tare ka da gwajin tantance mutum, an rufe ƙofa ke nan, ka nemi izini ko ka haƙura. Farashin shinkafa da taki ba sirrin kowa ba ne, amma sunaye da lambobin waya da hotunan mutane suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, ko da a fili ka tsince su. Mai son koyo ya fara da shafin gwajin nan, kuma kada ya matsa zuwa wani sai manhajarsa ta kawo ɗari cif a kowane gwaji, har a ranar da layi ya yi nauyi.